Addu'ar ɗaurin aure zuwa Italiyanci: a duba mana wannan fassarar kafin a buga

UmmuSadiq_Bolari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena da ke aiki a birnin Brescia na Italiya zai yi aure nan Gombe wata mai kamawa. Amaryar 'yar Italiya ce, ta musulunta, amma iyayenta da za su zo Katolika ne kuma ba sa jin Hausa. Muna so mu buga musu addu'ar da liman zai rufe taro da ita a 'yar takarda. Ga Hausar:

Ya Allah, Ka yi wa wannan aure albarka. Ka ba su zaman lafiya da haƙuri da juna. Ka ba su zuriya ɗayyiba. Ka rufa musu asiri duniya da lahira. Ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ga abin da wani ɗalibi mai koyon Italiyanci ya fassara mana:

*Dio, per favore benedica questo matrimonio. Dia loro pace e pazienza. Dia loro buoni bambini. Copra il loro segreto nel mondo e nell'aldilà. Abbia pietà dei nostri genitori morti. Dio ci faccia morire con fede.*

Amarya ta karanta ta ce ana gane ma'anar, amma ya yi mata kama da wasiƙar da ake rubuta wa manajan banki. Ina gyaran yake?

Tafinta_Herwagana:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya sanya alheri. Amarya ta yi gaskiya, kuma cutar ɗaya ce ta bi layi biyar na farko. Ɗalibin ya yi amfani da *Lei*, sigar girmamawa da ake yi wa likita ko baƙon da ba a saba da shi ba. Ya ɗauka tunda Allah ne Mafi girma, sai a ba Shi sigar da ta fi ladabi. To Italiyawa ba sa ce wa Allah *Lei* ko kaɗan. A addu'a *tu* suke cewa, wato "Kai", daidai da yadda muke cewa Ka ba mu, Ka jiƙan mu, ba mu cewa Ku ba mu. Addu'ar da duk Katolika ya haddace tun yana yaro ma haka ta fara: *Padre nostro che sei nei cieli, sia santificato il tuo nome*. Da *sei* da *tuo* duk na *tu* ne.

Saboda haka *benedica* ya koma *benedici*, *abbia* ya koma *abbi*. A kuma cire *per favore* gaba ɗaya, wannan na neman a miƙo maka gishiri ne a tebur. In ana son kalmar roƙo a ce *Ti preghiamo* ko *Ti supplichiamo*, sau ɗaya a farko ya isa.

DanPantami88:
Malam Tafinta ban yarda da cewa *benedica* kuskure ba ne. Ai kullum ana jin *Dio ti benedica* a bakin Italiyawa, har a rubuce a jikin katin gaisuwa.

Tafinta_Herwagana:
Ƙanena, abin da ka ji daidai ne, amma wani gini ne daban. Dubi Hausarmu, iri biyu muke yi. Akwai "Ya Allah Ka ba su", kana magana da Allah kai tsaye. Akwai "Allah Ya ba su", kana magana da mutane kana yi musu fata. Italiyanci ma yana da biyun. Na farko shi ne umarnin *tu*. Na biyu shi ne sigar da suke kira *congiuntivo*, sau da yawa da *che* a gaba: *Che Dio vi benedica*, Allah Ya yi muku albarka.

Inda rikicin yake, umarnin *Lei* da wannan sigar fata kamarsu ɗaya a rubuce. *Dio benedica questo matrimonio* ba waƙafi yana nufin Allah Ya yi wa auren albarka, kuma lafiyayye ne. *Dio, benedica questo matrimonio* da waƙafi bayan *Dio* ya zama kana kiran Allah kana ce Masa *Lei*. Ɗalibin ya sa waƙafi, ya ƙara da *per favore*, shi ya sa ya faɗa na biyun.

Ga yadda ake gane ƙarshen aikatau. Waɗanda tushensu ya ƙare da *-are*, umarnin *tu* yana ƙarewa da *a*: *dona, perdona, guida*. Sigar fatansu kuwa da *i*: *doni, perdoni, guidi*. Irin su *concedere, proteggere, benedire* kuma a juye suke, umarni da *i*: *concedi, proteggi, benedici*, fata da *a*: *conceda, protegga, benedica*. Duk wanda ya haddace "a" ko "i" kawai ba tare da duba tushen ba, rabin addu'arsa zai fita da *tu* rabi da *Lei*.

Malama_Rifkatu_Yelwa:
Ƙari kan bayanin Malam. Tsofaffin littattafan addu'a na Katolika a Italiya suna da *Voi* ga Allah, kamar *Vi adoro, mio Dio*. Yanzu *Ti adoro* ake koyarwa. Na faɗa ne don kada wani ya tsinci tsohon littafi ya kwaikwaya. Kuma ga wannan takardar *voi* zai kawo ruɗani, domin shi ne "ku" da za a ce wa ango da amarya.

AbuHanifa_Wunti:
Subhanallah. Jama'a ku ji tsoron Allah. Ba a yin salla da wani harshe sai Larabci, Fatiha ba ta zama Fatiha in an juya ta.

Hajiya_Kumbiya:
Allah gafarta Malam, sake karanta tambayar. Ba salla ba ce, ba kuma ƙira'a ba. Addu'ar rufe taro ce wadda shi kansa liman da Hausa zai yi ta.

AbuHanifa_Wunti:
To na gani. Amma duk da haka kada a rubuta *Dio*, a bar sunan Allah yadda yake.

Ustaz_Jekadafari:
Wannan maganar ta Malam Abu Hanifa tana da tushe, kuma su kansu masu fassarar Alƙur'ani zuwa Italiyanci sun rabu a kanta. Alessandro Bausani a fassararsa ta 1955 *Dio* ya rubuta. Hamza Piccardo, wanda fassararsa ta 1994 ce ta fi yawo a masallatan Italiya, *Allah* ya bari.

Sai a duba wa ake rubuta wa. A nan ƙasar Hausa Musulmi da Kirista duk Allah suke cewa, Littafi Mai Tsarki na Hausa ma tun bugun 1932 Allah ya rubuta, don haka kunnenmu ba ya jin kalmar a matsayin tambarin ɓangare ɗaya. Ba'italiye kuwa in ya ga *Allah* zai iya ɗauka wani abin bauta ne na Musulmi kaɗai, ya karanta addu'ar a matsayin ɗan kallo. In takardar ta Musulman Italiya ce, *O Allah* zan zaɓa ba shakka. Ga surukai Katolika, abin da nake ba da shawara shi ne layin farko ya zama *O Allah, nostro Signore*, ya Allah Ubangijinmu. Sunan ya tsaya, su kuma sun ji kalmar da suka saba kira a addu'a. Sauran layukan ba sa buƙatar suna tunda da *tu* ake tafiya.

Malama_Rifkatu_Yelwa:
Ustaz, a yi hattara kaɗan da *nostro Signore*. A bakin Katolika, musamman a *per Cristo nostro Signore* da ake rufe addu'o'i da shi, Yesu ake nufi. In ya biyo bayan *Allah* kai tsaye kamar yadda ka rubuta ba matsala. In aka bar shi shi kaɗai a tsakiyar addu'a, su za su ji abu ɗaya, liman yana nufin wani. *Signore dei mondi*, Ubangijin talikai, ba ya da wannan harshen damon.

Ustaz_Jekadafari:
Na karɓi gyara Malama. Sai dai *Signore dei mondi* ya ƙara abin da babu a Hausar da aka ba mu, sai liman ya yarda.

Tafinta_Herwagana:
Mu koma kan layukan. *Dia loro* in ya koma *tu* zai zama *da' loro*, wanda ba laifi ba ne a nahawu, amma ya yi gajarta kuma ya yi kusa da maganar yau da kullum. Masu addu'a sun fi cewa *dona* ko *concedi*. Tunda "Ka ba su" ya zo sau biyu, a sa *dona* a ɗaya, *concedi* a ɗaya. Kuma a riƙe *loro* bayan aikatau. A hira Italiyawa *donagli* za su ce, amma *dona loro* shi ne na addu'a, kunnensu ya saba da shi daga addu'ar mamata da ke cewa *dona loro, o Signore*.

*Buoni bambini* na nufin yara ƙanana marasa ƙiriniya. Zuriya kuwa har jikoki da tattaɓa kunne, don haka *discendenza*. Ɗayyiba a ce *retta* ko *buona*. Ni na fi son *una discendenza retta*.

Ɗalibin ya kuma zubar da "da juna". *Pazienza* ita kaɗai tana iya zama haƙurin wanda abu ya fi ƙarfinsa, domin Ba'italiye in ya rasa mota yakan ce *pazienza!* ya wuce. A cika shi: *pazienza l'uno verso l'altra*.

DanPantami88:
Amma ai a cikin *Padre nostro* ɗin da kuka kawo akwai *dacci oggi*, daga *dare* yake. Ke nan ba haramun ba ne.

Tafinta_Herwagana:
Ba wanda ya ce haramun ne. *Dacci* yana da gaɓa biyu, yana zama a baki. *Da' loro* ne ke yin tsalle in ana karantawa a hankali. Gwada faɗin su da ƙarfi ka ji.

Hajiya_Kumbiya:
Ni layin rufin asiri ne ya fi tayar min da hankali. *Copri il loro segreto* a gaban iyayen amarya? Za su koma masauki suna tambayar wane sirri ne ango yake ɓoyewa.

Tafinta_Herwagana:
Haka ne Hajiya, wannan layin ba ya fassaruwa kalma da kalma. Rufin asiri a wurinmu abu biyu ne a haɗe: kada mutum ya rasa har ya kai ga roƙo, kuma kada aibinsa ya fito fili. Italiyanci ba shi da kalma ɗaya mai ɗauke da duka. Hanya biyu nake gani. Gajeriya: *Custodisci la loro dignità*, Ka tsare musu mutuncinsu. Doguwa: *Preservali dal bisogno e dalla vergogna*, Ka kare su daga rashi da abin kunya. Ta biyun ta fi cika ma'ana, ta farkon ta fi daɗin ji a wurin biki.

*Aldilà* kuma a sauya shi. Kalmar daidai ce a ƙamus, amma an fi jin ta a hirar fatalwa da muhawarar ko akwai wani abu bayan mutuwa. *In questa vita e nell'altra* shi ne duniya da lahira mai nutsuwa.

Ustaz_Jekadafari:
*Dignità* ta yi wa duniya daidai, amma rufin asirin lahira ba mutunci ba ne kawai, suturce zunubi ne ranar hisabi. Ni da za a bi tawa sai a raba layin biyu, na biyun ya zama *copri le loro mancanze*, Ka rufe kasawarsu.

Hajiya_Kumbiya:
Ustaz in an raba, layukan Italiyanci za su zama takwas, na Hausa bakwai har da Amin. Baƙin suna bin takarda ne da kunne, duk inda jama'a suka ce amin su san an sauka layi. In lissafin ya saɓa sun ɓace ke nan.

Ustaz_Jekadafari:
To a haɗa su a layi ɗaya da *e* a tsakiya. Zai yi tsawo amma ma'ana ba ta zube ba.

Malama_Rifkatu_Yelwa:
Kan layin iyaye. *Genitori* uwa da uba ne da suka haife ka, su biyu rak. Iyayenmu na Hausa ya haɗa baffanni, gwaggwanni, kakanni. A ce *i nostri cari*. *Morti* kuma ya yi tsirara da yawa. "Suka riga mu" yana da abokinsa a Italiyanci, *che ci hanno preceduto*, kuma Katolika sun san shi daga addu'ar tunawa da mamata a Mass, babbar ibadarsu ta coci. Gidan gaskiya a bar shi ya tafi, domin *casa della verità* ba zai ce musu komai ba.

Gargaɗi ɗaya. In kuka ba wani Ba'italiye ya duba muku, zai iya ce muku ai maganar da ta fi kyau ita ce *tornati alla casa del Padre*, sun koma gidan Uba. Haka mu Kirista muke faɗa, kuma da kyakkyawar niyya zai kawo ta, amma ba za ta shiga bakin liman ba. Wannan ita ce matsalar neman kalmomin girmamawa a Italiyanci: yawancinsu a coci suka girma, sai an duba kowace ko ta zo da aƙidarta.

*Pietà* ba kuskure ba ce, *Signore, pietà* ake cewa a coci. Amma ga "jiƙan" na fi son *misericordia*, ita ce ake sa wa rahama da jin ƙai a rubuce-rubucen Musulman Italiya.

Yakubu_Kaltungo:
Tunda masana sun taru bari in shigo da tawa, ta juye ce. Ina da gajeren wa'azi na wani Fada ɗan Italiya da za a karanta da Hausa. Ya fara da *Il Signore sia con voi*, na sa "Ubangiji yana tare da ku". Daga baya ya kawo rabin *Padre nostro* amma kalmomin ba su yi daidai da wanda ke tsohon littafina ba.

Malama_Rifkatu_Yelwa:
Ɗan'uwa, *sia* fata ce, irin wadda Malam Tafinta ya bayyana a sama. "Ubangiji ya kasance tare da ku" ke nan. "Yana tare da" shi ne *è*, kamar a *il Signore è con te*. Can kuma ka tuna *te* ba ya nuna jinsi, Hausa kuwa dole ka zaɓa, tunda Maryamu ake gaya wa sai "ke".

Bambancin da ka gani kuwa, an sauya lafazin ne a Italiya da sabon littafin Mass da aka fara amfani da shi ranar 29 ga Nuwamba 2020. *Non ci indurre in tentazione* ya koma *non abbandonarci alla tentazione*. Kada ka fassara sabon da kanka. Duk inda mai wa'azi ya jawo aya ko addu'ar da jama'a suka haddace, ɗauko lafazin Hausa da ake karantawa a cocinku ka sa. In ka kawo naka, ikilisiya za ta tsaya gyara maka a zuci, wa'azin ya wuce su. Ka kuma lura da *Padre*: in Allah ake nufi "Uba", in shi mai wa'azin ne "Fada".

Ustaz_Jekadafari:
Ƙa'idar nan haka take a wajenmu. In liman ya jawo aya a nasiharsa, a ɗauko ta daga bugaggiyar fassarar Italiyanci, a rubuta sura da lambar aya. A lura lambobin wasu bugu suna ɗan saɓawa, a gwada da Mus'hafi.

Hajiya Ummu Sadiq, in za a ƙara da 'yar nasiha a takardar: "ku ji tsoron Allah" shi ne *temete Dio* ko *abbiate timore di Dio*. Kada a sa *paura*, wannan tsoron maciji ne da ɓarawo. "Bayin Allah" *servi di Dio*, ba *schiavi* ba. Kan takardar a rubuta *Invocazione per gli sposi*, domin *preghiera* tana ɗaukar salla da addu'a duka. Nasiha kuma *esortazione*. A guji *predica*, don *fare la predica* a bakinsu yi wa mutum faɗa ne, *omelia* kuwa ta Mass ce. In an ambaci Manzon Allah a rubuta *Muhammad*, kada a rubuta *Maometto*, a kuma cika salatin da kalmomi, *pace e benedizioni su di lui*, domin SAW ba wanda zai gane shi a cikinsu.

UmmuSadiq_Bolari:
Kai, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi. Ga abin da na haɗa, a sake dubawa:

*O Allah, nostro Signore, benedici questo matrimonio.*
*Dona agli sposi pace e pazienza l'uno verso l'altra.*
*Concedi loro una discendenza retta.*
*Custodisci la loro dignità in questa vita e nell'altra.*
*Abbi misericordia dei nostri cari che ci hanno preceduto.*
*Che Dio ci faccia morire con fede.*
*Amin.*

Tafinta_Herwagana:
Biyar na farko sun zauna. Na shida yana da aiki biyu. Hausa tana tsallakawa daga "Ka" zuwa "Allah Ya" a addu'a ɗaya ba wanda zai ji wani abu, amma a rubutun Italiyanci sai a ga kamar an juya wa wanda ake roƙo baya ana magana da jama'a. Ga shi kuma *Allah* a sama, *Dio* a ƙasa. A mayar da shi *tu*: *Fa' che lasciamo questo mondo nella fede*. A lura da 'yar alamar da ke bayan *Fa'*, kada mai bugawa ya cire ta ko ya mayar da ita lafazi a kan wasalin. *Lasciamo questo mondo* ya fi kusa da "cika" a taushi, *faccia morire* kuwa yana iya zama "ya kashe mu".

DanPantami88:
Ni fa da za a cire layin nan da na iyaye. Turawa ba sa son zancen mutuwa ranar biki.

Hajiya_Kumbiya:
A'a ɗana. Liman zai faɗa, jama'a za su ce amin da ƙarfi, wataƙila ma wani ya share hawaye a layin iyaye. Baƙi su duba takarda su ga ba komai? Mai fassara ba shi da hurumin rage addu'ar wani. In ana son ragewa liman za a roƙa ya rage tasa.

Malama_Rifkatu_Yelwa:
Ana ambaton mamatan iyali a Mass ɗin aure a Italiya ma, ba baƙon abu ba ne gare su. Layin ƙarshen ne kawai zai ɗan ba su mamaki.

Injiniya_Gombawa:
Wa zai karanta Italiyancin da baki? In Bahaushe ne a zaunar da shi tukuna. Sa'armu *ce* da *ci* nasu daidai suke da namu, don haka *pace, benedici, concedi* ba wuya, sai dai *co* ana karanta shi "ko", *che* kuma "ke". *Sci* na *custodisci* "shi" ne, *lasciamo* kuma "lashamo". Inda muke faɗuwa shi ne *p* da *f*, da *v* da *b*: *pace* kada ta zama "face", *vita* kada ta zama "bita". Sannan *dona* da *n* ɗaya, in aka ninka ta zama *donna*, mace. A ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa a kwafin mai karatu: be-ne-DI-ci, con-CE-di, di-gni-TÀ.

UmmuSadiq_Bolari:
Ƙanin amarya ne zai karanta in ya yarda. Saura babban baƙi, na ga wasu suna rubuta *Ti* da *Tuo* kamar yadda muke rubuta Ka da Ya.

Tafinta_Herwagana:
Musulman Italiya suna yawan sa babban baƙin, littattafan coci na yanzu kuwa ƙarami suke bari. A wannan rubutun naku ba *ti* ba *tuo* ko ɗaya, don haka ba ta taso ba sai in kun ƙara *Ti preghiamo*. In kun ƙara, ku sa babba don ya dace da ɓangaren Hausa, ku kuma jera harsunan biyu gefe da gefe, layi a gaban layi.

Ustaz_Jekadafari:
Ni dai har yanzu layi na huɗu bai gamsar da ni ba, lahirar ta yi sauƙi da yawa. Hajiya ki kai wa liman duka biyun, da *dignità* kaɗai da mai *mancanze*, ki fassara masa kowanne da Hausa ya zaɓa, tunda addu'arsa ce.

AbuHanifa_Wunti:
Kuma a tambaye shi batun *nostro Signore* ɗin, shi ma ƙari ne.